Bangon da Namadi Ya Cire

Namadi mai zanen gini ne a Gummi, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi yana zana shaguna da ɗaki-biyu-da-falo. Mutum ne maras yawan magana, kafaɗarsa ta rankwafa saboda zaman gaban kwamfuta. Abin da yake so a duniya bai wuce a ba shi aikin bene ba, a kuma saurare shi.

A 2016 Alhaji Makau, wani dillalin hatsi na Bukkuyum, ya kawo masa zanen bene da aka yi a birni. Hoto yake so mai launi, don shi layuka ba sa ce masa komai. Namadi ya ɗauki zanen da ke nuna ginin kamar an yanka shi daga rufi zuwa tushe, ya tayar da shi a kwamfuta. Ya cire bangon gaba, sai ga daɓen ƙasa, dekin, wato daɓen kankare na sama, a tsayin mita uku, ginshiƙai da matakala. Da ya tsayar da siffar mutum a taki na biyar na matakalar, kanta ya shige cikin bim, wato gungumen kankaren da ke tallafe da dekin a bakin ramin matakalar. Ya auna sau uku. Daga takin zuwa bim ɗin mita ɗaya da santimita saba'in ne, alhali mita biyu ake so.

Ya hau acaɓa har Bukkuyum, yana murna kamar ya tsinci akuya.

Alhaji ya kalli hoton, fuskarsa ta canza. "Ina bangon ga yat tahi? Ɗakin matata Dija na wanga, a buɗe, kowa na kallo?"

"Alhaji, a hoto kaɗai anka cire shi. Duba matakala, a gaya ma injiniya shi matsar da bim kahin a zuba kankare."

"Ba ni duba komi. Iyalina ba su kwana bisa hanya. Maido mani bango!"

Namadi ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Na rantse, da dutse yake wa magana da ya gyaɗa kai. Ya gaji, ya koma Gummi, ya mayar da bangon, ya shafa masa fenti ruwan ƙwai. Alhaji ya yaba ƙwarai, aka zuba dekin yadda yake a zane.

Yau duk dogon da zai hau benen nan sai ya rusuna, Alhaji kuwa da doguwar hularsa ya fi kowa shan wahala. In baƙi suka tambaya, amsarsa ɗaya ce: "Mai hoton nan na Gummi yac cuce ni."

Abin yana ba ni haushi har yanzu. Namadi bai ko musa ba. Shaguna yake zanawa, kuma ba wanda ya sake kawo masa bene.