Zoɓo mai hawa uku

A wayar yayata na fara ganinsa, tana danne-danne a tsakar gidanmu na Bodinga: dogon kofin gilashi, ja a ƙasa, rawaya a tsakiya, fari a sama, kowane launi ya tsaya a wurinsa. A lokacin littattafan soyayya sun cika min kai. Nan take na hango a raina wani dogon saurayi ya kurɓa, ya lumshe ido, ya tambayi wace ce ta haɗa.

Sai da na ɓata sukarin Inna da yawa kafin na gane sirrin. Abin da ya fi sukari shi ya fi nauyi, shi ke zama ƙasa. Nakan dafa zoɓo da kanumfari da sukari har ya yi kauri, in zuba a gindin kofi, in cika da ƙanƙara. Ruwan abarba ya biyo baya, a hankali ta bayan cokali don kada ya huda jan. A sama ruwan lemon tsami da citta, babu sukari, da ganyen na'ana'a. Mai sha ya fara da tsami da yaji, ya ƙare da zaƙi.

Aminiyata ta gidan da ke kallon namu ita ke riƙe min cokali. Tare muka yi allo, tare muke karɓar aron littattafai. Ban ɓoye mata komai ba.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Shagari ta ɗanɗana a wani suna, ta ce ni take so in haɗa abin sha a walimar saukar 'yarta. Matan malamai ne baƙin. Na san idan suka yaba, sunana ya shiga gidajen biki ke nan. Na raba mana aiki: ni zoɓo da ƙanƙara, ita abarba. Na ja mata kunne cewa sai da safen walima za ta matse.

Ranar, a ɗakin girkin Hajiya, na kwance murfin jarkar aminiyata sai ya yi huci, kumfa ya taso, wani wari mai hawa kai ya cika ɗakin.

"Ke, yaushe kinka matse wanga?"

"Shekaranjiya. Ƙunshin lalle ni kai jiya, ƙawata, ina zan ga lokaci? Har sukari na sa mai don kar ya lalace."

Ruwan abarba da sukari, kwana biyu a rufe cikin zafin bazara. Ya riga ya juya. Na tuttular da shi a magudana, na ce mata kada ta damu, mu yi hawa biyu, ba wanda zai sani. Har na share mata hawaye da gefen mayafina.

Kofuna sun fita, mata suna ta ɗaukar hoto, sai Hajiya ta leƙo ɗakin girki tare da matar limamin unguwa. Tsohuwar ta ja hanci.

"Wagga ɗiya, warin mi ni ka ji?"

Na buɗe baki ina neman ƙaryar da za ta rufa mana asiri mu biyu. Aminiyata ta riga ni.

"Wallahi Inna, ni riƙon cokali ɗai ni kai. Ban san abin da taka zubawa ba. Ga waya ta koyo shi, irin wanda masu shan giya ka yi."

Na dube ta. Idonta na kan lallen hannunta.

Da na ce jarkarta ce, da an ga zanen sunan gidansu a jiki. Ban ce ba, har yau ban san dalili ba. Ina jin jira nake ta juyo ta ce wasa take yi, kamar yadda ake yi a shafin ƙarshe na littattafan soyayya.

Kafin la'asar an dawo da kofunan, wasu ko taɓa su ba a yi ba, ƙanƙara ta narke, launukan sun cuɗe. Hajiya ba ta yi min faɗa ba. Ta dai sa aka kira min mai babur.

Maganar ta riga ni isa Bodinga. Ba wanda ya ce na ba mutane giya, ana dai cewa gara a bar abin yarinyar nan. Ba a sake kirana biki ba. Inna ta jera kofunan a saman kabad, ta hana ni taɓawa.

Aminiyata ta yi aure a Shagari bayan shekara biyu. Yanzu ita ke haɗa abin sha a yawancin bukukuwan garin, har Kajiji ake ɗaukarta. Bara a wani suna aka miƙo min kofinta. Hawa uku ne, layukan sun fita tsaf. An ce ba ta yarda kowa ya taɓa mata abarba, da kanta take matsewa da safe.