Ƙyallen da Na Yanke a Rigar Yaya

Ni tela ne a Zakirai, kuma ina da wata cuta irin ta teloli: ba na iya ganin abu yana reto a jikin riga in bar shi. Wannan hali ne ya kusa raba ni da matata.

Yayanta direba ne. Wata shekara ya yi sati biyu yana tuƙa wani ɗan ƙwallo da ya zo hutu daga Turai, da za su rabu ɗan ƙwallon ya ba shi rigar ƙungiyarsu, ya sa hannu a ƙirjin rigar da baƙin alƙalamin maka. Da Yaya zai tafi aiki kudu sai ya kawo min ajiyarta, don ɗakinsa akwai gara. Rannan shaiɗan ya zuga ni na gwada ta. Dogayen ƙyallayen da ke cikin ɗinkin gefe suka soke ni a haƙarƙari, kafin in yi tunani almakashi ya gama aikinsa.

Da ya dawo ya karɓi abarsa, kwana biyu sai ga shi a shagona da ke zauren gidana ido jajir. Wani abokinsa ya juya rigar, ya ce ta gaske ba ta rasa ƙyallen lamba a ciki, an yi masa musanye.

"Ko ka fito min da rigata, ko in kai ka caji ofis, ƙanwata kuma ta bi ni gida," in ji shi.

Na gaya masa gaskiya, ya ce ƙaryar ma ban iya ta ba. Matata tana ƙofar zaure tana ji. Da ƙyar liman ya sa ya yarda mu je unguwar Bacirawa a Kano, wurin wani mai buga lambobi a rigunan ƙwallo da kowa ya yarda da idonsa.

Mutumin ya juya rigar ciki waje, ya duba bayan tambarin ƙungiya.

"Malam tela, kai ma ka san wannan. Dubi ɗinkin, cike yake, babu zaren da ya tsallaka daga harafi zuwa harafi. Na jabu sau da yawa bayansa kamar sheƙar tsuntsu yake."

Ya shafa lambar baya, ya ce da injin zafi aka manna ta, siririya ce, bakinta bai ɗago ba, ga ɗan tambarin gasar a gindinta. Sannan ya ɗaga sa hannun a hasken rana ya nuna mana inda tawada ta ratsa zaren ta ɓullo ta ciki, da inda layi ya hau kan layi ya ƙara duhu.

"Wannan hannu ne ya rubuta, ba inji ba. Ko hannun wa, ba na nan aka yi, ba zan rantse ba."

Na fara samun numfashi, sai ya kai yatsa kan guntun da almakashina ya bari.

"Amma masu jabu na yanzu sun ƙware. In ban ga lambar da ke jikin ƙyallen ba, bakina alaikum."

A mota muna dawowa Yaya bai ko dube ni ba, ni kuwa addu'ar da ta zo bakina ita nake yi. Mun kusa gida na tuna: tela ba ya zubar da ƙyalle. Duk abin da ya faɗi ƙarƙashin kekena buhu yake shiga, matata ta cusa a matashi.

Matasai huɗu muka farke a tsakar gida. Ina tona guntayen shadda da atamfa, ina jin tsoron kada a ce ƙyallen yana cikin matashin da muka ba maƙwabta. A na huɗu matata ta ɗago wani farin abu a cukurkuɗe, ta miƙa wa yayanta, ba ni ba.

Washegari mutumin Bacirawa ya kara ƙyallen da guntun da ke jikin rigar, yankan ya haɗu daidai, har da ɗan karkacewar almakashina. Ya shigar da lambar a wayarsa, hoton rigar ya fito, launinta da shekararta. Ya ce in ta jabu ce, sau da yawa rigar wata ƙungiya daban take fitowa.

"Rigarka ce, maigida."

Yaya ya naɗe ta ya sa a leda, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, don ni na sa rigar amana a jikina. Matata tana ɗakinta har yau, alhamdu lillahi. Amma bara da zai sake tafiya kudu, ina zaune a kan keke na ga ya wuce ƙofar shagona da ledar a hammata, ya kai wa mai shayi ajiya.