Zangon da na zauna a kan keken ɗinki

Makarantar da nake neman digiri na biyu a ƙasar waje ta ce duk wanda ya taɓa faɗuwa a wani zango ya bayyana dalili a rubutun neman shiga. Ni kuwa a aji biyu na jami'a, can Naraguta, kwasa-kwasai uku na zubar. Daga baya na maimaita na ci, amma tabon na nan a takardar sakamako.

Rubutun farko na kai wa wata Madam 'yar Igbo mai shagon buga takardu a Tina Junction. Ta karanta yadda na caccaki yajin aiki da cunkoson aji, ta ɗago kai.

"Oga, kai yana neman admishon ne, ko kai yana faɗa da su?"

Na koma na rubuta na biyu, shi kuma duk ban haƙuri, a yafe mini, a dubi Allah. Na nuna wa malamar da ta duba aikina na ƙarshe a jami'a, ta yi dariya har da tafi. Ta ce ba laifi na yi musu ba. In faɗi abin da ya faru a layi uku, in ɗauki nawa alhakin, in nuna makin da na samu daga baya, in wuce.

To, menene nawa? Nan kaina ya ɗaure. A zangon idon Baba ya fara mutuwa. Tela ne a Gangare, ga azumi, ga ɗinkin Sallah jibge, kuma bai yarda masu kaya su sani ba. Na hau keken, aji ya wuce ni. In na rubuta haka na tona asirinsa. In na ɓoye na zama malalaci.

Na rubuta cewa ciwon idon Baba ne ya sa dole na zauna, na fassara masa a ƙofar shago.

"Bar maganar idon a ciki," in ji shi. "Mutanen can ba su kawo mini ɗinki. Amma wannan 'dole' da ka sa, cire ta. Na ce maka ka tafi makaranta, ka ƙi."

Wallahi ban tuna ya faɗa ba. Abin da na tuna shi ne yana lalubar ramin allura, sannan ya miƙo mini zaren bai ce komai ba. Raina ya ɓaci, sai kuma kunya ta kama ni, don ko ma yaya ne, ana iya jingine zango, kuma ban je na nema ba.

Na cire. Na sa cewa ni na zaɓi in zauna, ban sanar da sashenmu ba, kuma daga aji uku ban sake faɗuwa ba. Haka na tura.

Da yamma muna rufe shago ya riƙe hannun rigata, ya yi ƙasa da murya.

"Kai, tsakaninka da Allah, na ce ka tafi kuwa?"