Dariyar da Ba Ta Hau Ba

A layin kafintoci ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Inci ake ce masa, saboda ko ƙusa zai buga sai ya zaro tef daga wuya ya auna, ya sake aunawa, har mai kaya ya ƙosa. Gadon da ya haɗa ba ya ƙara, ƙofar da ya rataya ba ta cijewa. Shi ya sa abin da ya same shi yake ba ni haushi har yau. Mutumin da bai taɓa yarda da idonsa a kan katako ba, sai ga shi ya yarda da shi a kan abin da ya fi katako daraja.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, an san ta da ɗaure fuska. Yaran unguwa in sun hango ta sai su canza hanya. Amma ba faɗa ba ne da ita. Haƙorinta na gaba ne ya gutsure tun tana yarinya, don haka ba ta dariya a gaban mutane, hoto kuwa ko da wasa. Wanda take da shi a duniya ɗaya ne, na katin shaida, ta haɗe rai a ciki kamar wadda aka kawo wa ƙara.

Inci kaɗai ya san sauran. Da rana takan kawo masa abinci shago, ta zauna a kan bencin da ke bayan injin yanka, tana kakkaɓe garin katako daga zaninta tana yi masa tsiya. Shi kuma sai ya ɗaga waya kamar zai ɗauki hoton kabad ɗin da ya gama, ya karkata hannu kaɗan. Haka ya tara ta a ɓoye, tana dariya har da riƙe ciki, haƙorin nan a waje. Hotunan suna nan cakuɗe da na gadaje da kujerun da yake nuna wa masu saye. Bayan rasuwarta, in aiki ya lafa, yakan koma bencin ya buɗe su shi kaɗai.

Babbar 'yarsa tana aiki a wani kantin magani. Wata rana ya je karɓar maganin hawan jini, ta ga yadda fuskar wayar ta tsattsage, ta karɓe ta.

"Baba, in wannan ta mutu fa? Duk abin da ke ciki ya tafi."

"Ta mutu ta je ina? Ai ta fi ki ƙwari."

Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Akwai kamfanonin da ke da manyan kwamfutoci a wasu gine-gine can nesa, suna ajiye wa mutane kaya. Ajiyar gajimare ake ce wa abin. Waya tana tura kwafin kowane hoto can ta intanet, a ƙarƙashin imel ɗin mutum. Ko wayar ta ɓata ko ta lalace, in ka sa imel da kalmar sirri a wata, hotunanka suna nan. Wurin da suke bayarwa kyauta yana da iyaka, amma nasa bai kai ya cika shi ba.

"Gajimare? To in aka yi ruwa fa?"

"Baba, don Allah. Suna ne kawai."

Ta haɗa wayar da wayifai ɗin kantin, ta shiga manhajar hotuna da imel ɗinsa, ta kunna ajiyar. Ta sa ya maimaita kalmar sirrin har ta zauna masa. Hotuna suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce suna da yawa, sai ya ɗan zauna, kuma kada ya saki jiki sai ya ga wayar ta rubuta an kammala. A lokacin ne aka kira shi, wai an kawo katako shago kuma mai mota yana sauri. Ya fizge wayar ya miƙe.

"Ba ta gama ba fa! A wayifai kaɗai take turawa. Ko in kunna maka ta riƙa tafiya da data?"

"Ke, rufa min asiri, ta shanye min data? Zan dawo."

Ya dawo kuwa, ba sau ɗaya ba, amma kullum a tsaye, ya karɓi magani ya juya. Wayifai ɗin ma an canza masa kalmar shiga, wayar ba ta ƙara kamawa ba. In 'yar ta yi maganar sai ya nuna mata ɗan zanen gajimare da ke saman manhajar, ya ce ga shi nan, aiki ya yi. A gefen zanen akwai ƙananan haruffa da ke cewa ana jiran wayifai, amma tabaraunsa kullum yana aljihun wata rigar. Ita ma ta gaji da naci ta ƙyale shi, abin da har yanzu take cizon yatsa a kai.

Wayar ba sace ta aka yi ba. A kan bencin nan ya ajiye ta, ana sauke katako, tulin ya zame ya danne ta. Mai gyara ya buɗe, ya juya ta, ya girgiza kai. Ya ce wurin ajiyar a manne yake da allon ciki, kuma nan ɗin ne ya tsage. Ya tambaya ko akwai katin memori a ciki, babu.

Inci bai damu sosai ba. Ya sayi wata, ya kai wa 'yarsa gida yana taƙama, ya karanto mata kalmar sirri ba gargada. Ta shiga. Hotuna suka bayyana: kabad, kabad, gado mai madubi, wasu kujerun makaranta, duk aikin da ya yi dab da ranar da aka kunna ajiyar. Daga nan sai fili. Ya karɓa ya ja da yatsa, ya sake ja, ya ɗauko tabarau ya sa. Ran nan ne ya fara karanta abin da waya take rubutawa.

"Ina sauran?"

"Ba su hau ba, Baba." Ta dube shi. "Hoton aiki ne ai, za ka ɗauki wasu."

Sai a lokacin ya gaya mata abin da ke ciki. Ba ta taɓa sani ba. Da ya taɓa tura mata ko guda, da yana nan a wayarta, amma kunya ta hana shi, wai kada yara su ga tsoho yana ɓoye hoton mace. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Yanzu duk wanda ya zo shago ya zaro waya, Inci sai ya tsare shi. Ka kunna ajiya? Ta rubuta an kammala? Ka shiga ta wata wayar ka gani da idonka? Abokan aiki har tsokanarsa suke yi, wai ya bar auna katako ya koma auna wayoyin mutane.

Katin shaidar nan ya yi wa firam da katako mai kyau, ya rataya a falo. Jikarsa, takwarar marigayiyar, wadda aka haifa bayan rasuwar, ta tsaya a gabansa wata rana ta daɗe tana kallo.

"Kaka, ita ba ta dariya ne?"

"Tana yi mana. Ta fi kowa."

"To nuna min."

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya taɓa wayar, ya dawo.