Katin Inna Mai Fayil

Shekara ashirin Inna Mai Fayil ta yi a ɗakin ajiyar takardu na ma'aikatar: kabad goma sha ɗaya, taga ɗaya, fanka mai tari. Da goyon ɗanta na fari ta kama aiki, yanzu har ya tara gemu. Manajoji biyar ta gani sun zo sun wuce. Dokarta guda ce: fayil ba ya kwana a kan tebur.

Mataimakin Manaja aka ɗora wa shirya karrama ta. Ya tabbatar da ranar cikar shekara ashirin ɗin daga takardar kama aikinta, ya sayo kati mai faɗi, ya rubuta jawabin minti uku, sau huɗu yana gwada shi da agogo. Don kada ta farga, ya sa katin da jawabin cikin fayil marar suna, ana miƙa shi tebur-tebur a ɓoye. Mutum talatin da biyu, kowa layi ɗaya da sa hannu.

Ranar taron, saura kwata a zauna, aka nemi fayil sama ko ƙasa.

"Direba na ba," in ji Sakatariya.

"Ni? Maigadi na miƙa wa, Hajiya."

"Wallahi a kan injin kwafi na ajiye, ranka ya daɗe," in ji Maigadi. "Na ɗauka gidansa ke nan."

Mataimaki ya leƙa ofis bakwai, ya zazzage kwandon shara uku. Zufa ta jiƙa masa riga. Kujeru sun cika, Manaja na duban agogo. Mutum ɗaya ce ta san inda takarda ke shiga a ginin nan, ita ce kuma wadda ake ɓoye wa. Dole Mataimaki ya nufi ɗakinta.

"Inna, ko kin ga wani fayil haka... marar suna?"

"Ruwan ƙasa? Jiya na tsince shi yana gantali. Kabad na tara, wajen marayu."

"Kin buɗe?"

"Ɗan nan, ni da karanta abin da ba a aiko mini ba?"

Cikin daƙiƙa arba'in ta zaro shi. Ya miƙa hannu, ta janye, ta turo rajista.

"Sa hannu tukuna. Yaushe zai dawo?"

"Ai... ba zai dawo ba."

"To ba zai fita ba."

Ya rubuta "yau".

A zauren ya buɗe jawabin, layukan suka yi ta rawa a idonsa. Ya ninke shi, ya ba da labarin kabad na tara kawai, ya ce, "Shekara ashirin ke nan haka take. Inna, mun gode." Aka kwashe da dariya da tafi. Ya miƙa mata katin.

Ta juya shi gaba da baya, ta dubi fayil ɗin, ta dubi jama'a.

"Nawa ne? Ni na kulle abina da hannuna?" Ta goge ido da bakin mayafi. "To, fayil ɗin fa? Ka rubuta yau."