Sunan da Ya Ɓace Mana Ni da Kaka

Kakata ta wajen uba ita ce ta fara kai ni kallon majigi. Ina da shekara tara a lokacin, muna zaune a Ƙofar Taramniya, a gidan da aka sani da karatu tun kakanni. Zamanin Turawa ne, mota ma ba ta yi yawa a Sakkwato ba. Wata rana mai shela ya zaga gari yana cewa motar majigi ta iso, za a yi nuni a filin bakin ƙofa bayan magariba, kwana biyar a jere.

Baffana, yayan babana kuma malamin gidanmu, bai so zancen ba. Mutane da yawa a lokacin dodon bango suke kiran abin. Amma Kaka ta wuce shekarun da za a hana ta fita. Ta naɗe tabarma, ta ɗora mini a ka, ta ce, "Tashi, maigida, ka raka matarka." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

An kafa itace biyu, an ɗaure farin ƙyalle a tsakani. Injin wuta yana ta ƙara a bayan motar, haske yana fitowa daga wani akwatin ƙarfe ya faɗa a kan ƙyallen. Da farko sai a nuna sauro da ɓeraye da yadda ake share rijiya. Bayan nan ne ake sa abin da kowa ya zo dominsa, wato labarin da ake ci gaba da shi kullum. Mutanen ciki ba su da murya, bakinsu kawai ke motsi. Wani tafinta ne ke tsayawa a gefe da ƙahon ƙarfe a baki yana faɗa mana abin da suke cewa. Labarin wani mutum ne mai farar hula da aka ba ajiyar ƙaramin akwati, wasu mutum uku suna bin sa. Kullum sai ya shiga haɗari sannan hoto ya yanke. Daren farko mun bar shi a cikin rijiya, ana yanka igiyar da yake riƙe da ita. Kaka ta matse hannuna har sai da ya yi shati.

Bayan shekara biyu Kaka ta faɗi a bakin murhu da la'asar. Bakinta ya karkace, hannun dama ya mutu. Da aka yi wata guda ta soma takawa da sanda, bakin ma ya ɗan daidaita, amma sunayen abubuwa suka gudu mata. Za ta dubi ludayi, ta san abin da ake yi da shi, har ta kwatanta da hannun hagu, amma sunan ba zai zo ba. Wani lokaci ta ce tsintsiya alhali buta take nufi, ta ji da kanta ba daidai ba ne, ta sunkuyar da kai ƙasa. Abin mamaki, Fatiha da ƙananan surori ba su taɓa kuɓuce mata ba.

Baffa ya ce ciwo ne daga Allah, yana yi mata rubutu tana sha. Amma wata maƙwabciyarmu da ta zo dubiya ta faɗa wa innata wata magana a tsakar gida, ba ta san ina bayan rumbu ba. Ta ce ai tun ranar da tsohuwa ta je ta zuba wa dodon bango ido aka san za a yi haka. Ta ce duk wanda ya kalle shi sai ya ɗauki wani abu a jikinsa, kuma ba ya gaggawa, a hankali yake ci. Inna ta ce ta bar wannan zance. Ni dai na riga na ji, kuma na san kafaɗata na jikin ta Kaka duk dararen nan biyar.

Da safe na kai mata kunu. Ta kama bakin rigata, ta zana murabba'i a iska, ta ɗora hannu a kai kamar hula. Na gane majigi take nufi. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin ta ce, "Abin ga da munka gani... mi as sunanai?"

Na buɗe baki in faɗa mata, sai na tarar babu komai. Ina ganin mutumin, ina ganin rijiyar, ina jin muryar tafinta, ina ji kamar sunan yana kan harshena, kamar ma da "ma" yake farawa, amma ya ƙi fitowa. Na ajiye ƙoƙon kunun, na ce mata ina zuwa, na fita bayan gida na tsuguna. Na tabbata abin da ya ci Kaka ya iso kaina.

Ban faɗa wa kowa ba. Na shiga gwada kaina a ɓoye. In an aike ni, ina tafiya ina jera sunayen ƙofofin gari, da na surori daga ƙasa zuwa sama, da na yaran unguwa. In ɗaya ya yi jinkirin zuwa sai gumi ya karyo mini. A makarantar allo na tsaya cik a ayar da na haddace tun bara, don tsoron kada in manta ta. Abinci ya daina shiga. Inna ta ɗauka ciwon shawara ne, ta jiƙa mini magani.

Kaka kuwa ba ta bar zancen ba. Kullum da hantsi sai ta sa in zauna mu bi labarin daga farko, ko sunan zai faɗo a hanya. Ni ina faɗa, ita tana gyara mini da hannu. Na ce bayan rijiya sai ɗakin da ruwa ke cikawa. Ta girgiza kai, ta yi alamar doki, wato guduwar doki ce ta riga. Da na yi tunani na ga ita ce da gaskiya, wannan ya ƙara tsorata ni, tunda ga mai ciwo ta fi ni riƙewa. Mun ƙirga darare huɗu, na biyar kuma muka rasa yadda ya ƙare. Muka gwada bin haruffa, ina cewa alu, ba, ta, tana saurare ko wani zai taɓa wani abu. Ba wanda ya taɓa. Wata rana ta fashe da kuka ba sauti, ta bugi cinyarta da hannun da ke aiki. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Na soma tambayar mutane a fakaice. Mai kitson unguwa ta ce Mai Farar Hula ake ce masa. Wani mahauci ya rantse sunansa Akwatin Bature. Duk wanda na kawo, Kaka sai ta ɗanɗana shi a baki ta girgiza kai. Mahaucin ne ya faɗa mini cewa tafintan nan ɗan gari ne, ya bar bin mota, yanzu malamin ofis ne a En'e, wato hukumar gargajiya, gidansa na Ƙofar Marke.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi, ban gaya wa kowa ba. Na same shi a zaure yana cire rawani. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi gidan da na fito da abin da ya kawo ni. Ban yi niyya ba, amma har maganar maƙwabciya da gwajin da nake wa kaina sai da suka fito, ina yi ina shessheƙa.

Bai yi mini dariya ba. Ya shiga ciki ya fito da wani siririn abu baƙi mai sheƙi, tsawon kamu ɗaya, ya ce in ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Ƙananan hotuna ne a jere, kowanne kusan irin na kusa da shi, da ƴan huji a gefe biyu. Ya ce wannan shi ne dodon gaba ɗayansa. Haƙoran injin ne ke kama hujin suna jan hotunan ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, da saurin da ido ba ya rabewa, sai a ga kamar mutum na motsi. In ya maƙale, zafin fitila ya ƙona wurin, sai su yanke da reza su haɗa da gam.

Ya ce fim ɗin da muka gani ya zo musu a gwangwanaye, kowane dare da nasa, bayan ya gama yawo a garuruwa ya tsufa. Sunan labari a farkon naɗi ake rubuta shi, kuma farkon ne ke fara lalacewa, don shi ake kamawa ana zurawa a injin kullum. Nasu ya riga ya gutsure tun kafin ya zo hannunsu, takardar jikin gwangwanin ma ta goge, sai lamba. Gwangwani na biyar kuwa bai taɓa isowa ba, shi ya sa a daren ƙarshe suka maimaita na huɗu.

"Ba mantawa ka yi ba, ɗana," in ji shi. "Ba a taɓa faɗa maka ba. Ni kaina ban san sunanai ba. Abin da ni ka cewa kullum in hoto ya yanke, shi ne, saura gobe."

Da gudu na dawo gida. Na tarar da Kaka a inuwar ɗaki tana tsince shinkafa da hannun hagu. Na zayyana mata komai, da hujin, da fitilar, da gwangwanin da bai zo ba. Da na kai kan kalmomin tafinta sai ta saki shinkafar. Ta maimaita su sau uku, sarai, ba gargada. Ashe ita haka take kiran labarin a lokacin. In yamma ta yi takan ce mini in ɗauko tabarma mu je Saura Gobe. Da ta faɗa na tuna. Babu "ma" a cikinsa ko kaɗan.

Baffa ya ji inda na je, ya yi mini faɗan fita ba izini. Da ya ji dalili sai ya aika aka kira maƙwabciyar, ya yi mata magana a zaure. Ban ji abin da ya ce ba, amma ba ta ƙara shigowa da irin wannan zance ba.

Tsoron bai sake ni a rana ɗaya ba. Na yi watanni ina jera ƙofofin gari a zuci kafin in daina. Ciwon Kaka ma bai warke ba. Sunaye suka ci gaba da zubewa, har na ƴaƴanta, ta koma nuna mutum da haɓa. Ta yi damina biyu a haka. A ta ƙarshe ni nake zama kusa da ita bayan la'asar ina biya karatuna da ƙarfi, in na zo ƙarshen aya sai in dakata, ita ta cika.