Kifin da Ba na Borno Ba

Shekarun da hanyar tafkin Cadi ta rufe saboda rikici, mu masu sayar da busasshen kifi a kasuwar Jimeta mun sha tambaya guda har ta gundure mu: akwai na Borno? Babu. Abin da muke samu na Binuwai ne, wanda masunta ke kyafewa a bakin kogi su kawo mana a kwali. Kifi ne mai kyau, ni da shi nake ci da iyalina, amma wanda ya tashi da bandar tafki ba ka ruɗarsa. Waccan ta fi maiƙo, ta fi bushewa, ƙamshinta a miya daban ne.

Cikin waɗanda gudun hijira ya kawo mana akwai wata Hajiya Babarbariya da ta sauka a unguwar Damilu da mijinta, wani dattijo. Ita ce idon matan Borno na unguwar. Inda ta sayi kifi nan suke saye, inda ta yatsina fuska kuwa ko kyauta ba za su karɓa ba. Shekara biyu tana zuwa rumfata, kuma ba na ɓoyewa, rabin cinikina a bayanta yake tafe.

Wata Talata da hantsi ina jera kaya sai na ji an dangwarar da leda a kan teburina, har kawunan tarwaɗa suka watse.

"Malam, ashe kai ma maƙaryaci ne? Ka sayar mini kifin kogi ka ce na Borno!"

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk layinmu an san haka. Kalmar maƙaryaci ta shige ni har ƙashi, na ji kunnuwana sun yi zafi. Ga maƙwabcina mai daddawa ya bar abin da yake yi ya gyara tsayuwa, shi dama bai ƙi a yi ba. Amsa ta zo mini har bakin leɓe: yaushe na taɓa ce miki haka? Gaskiya ce kuwa, ban taɓa ba. Amma sai na haɗiye. Na san in na kayar da ita a gaban mutane, na ci gardama ke nan na rasa Damilu gaba ɗaya.

Na jawo benci daga cikin rumfa, inda idon 'yan kallo ba ya kai wa sosai. "Hajiya, zauna tukuna. A rumfata aka saya, ni ke da alhaki. Faɗa mini yadda aka yi tun daga farko."

Ba ta zauna nan da nan ba, sai da ta ƙara zazzage ni. Na bar ta. Ta ce ta ɗauke ni ɗan'uwa, ta ce ta kawo mini mutane, ta ce an raina su ne don sun zo baƙi. Wannan ta ƙarshen ta fi yi mini ciwo. Da numfashinta ya sauka na miƙa mata ruwa, ta sha, ta zauna.

Na buɗe ledar na karya guda, na shinshina a gabanta. "Kin yi gaskiya, wannan na Binuwai ne. Ko kusa ba na tafki ba ne." Na ga kafaɗunta sun ɗan saki, don ta zo ne da shirin zan musa. Sannan na tambaye ta wace rana ta saya, wa ta tarar.

Ranar Juma'a ce, ina masallaci. Wadda ta tarar ita ce goggona, ƙanwar mahaifina, wadda takan zo daga unguwar Adarawo ta zauna mini a rumfa in na fita. Goggo tsohuwar Yola ce ta asali, Hausarta ta ciniki ce kawai, da ta yi kalma uku sai Fulatanci ya ƙwace. A rayuwarta ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, faɗa dai ta iya shi. Aka yi sa'a ranar Talatar nan ma tana bayan rumfa tana tsince kifi, na kira ta.

"Hajiya, me kika ce mata daidai?"

"Na ce, kifin nan na Borno ne? Ya ce, na Borno. Da bakinsa!" Haka Hajiya take Hausarta, mace da namiji duk ɗaya ne.

Na juya wa Goggo da Fulatanci. Ta ware ido, ta dafa ƙirji, ta maimaita abin da ta faɗa ran nan, tana kaɗa yatsa: "Naa Borno! Naa Borno!"

Nan na gane. A Fulatanci in ka ce naa, ka ja ta, cewa ka yi ba shi ba ne. Goggo ta ce ba na Borno ba ne, Hajiya ta ji an ce na Borno. Dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar, don da ta fito da an koma farko. Na yi wa Hajiya bayani a hankali, na kira wata mai kuka da kuɓewa, Bafulatana, ta tabbatar mata, kada ta ce na shirya ne don in wanke tsohuwata. Na ce kuskuren namu ne duk da haka, mai rumfa shi ya kamata ya tabbata an fahimce shi. Na ce ta zaɓa, ko in karɓi kifin in mayar mata da abin da ta biya, ko in canza mata da wani abu. Kuma duk ranar da na tafki ya shigo, ni da kaina zan gaya mata, in bai shigo ba ba zan ce ya shigo ba.

Ta kalli ledar. Sai ta ce ba kifin ne ya dame ta ba.

Mijinta ya kwana biyu ba lafiya, ba ya cin komai, kullum zancensa garinsu na bakin tafki. Ran Juma'ar nan ta koma gida da murna, ta rantse masa ta samo kifin gida. Ya kai loma ɗaya ya ajiye. Ita da ta ɗanɗana ta gane an yi mata musaya, ta gaya masa, ya ƙi yarda, ya ce lallashinsa take yi. Tun ranar yake cewa har ruwan tafkin ya lalace, kifinsa ma ya canza ɗanɗano, to me ya rage da za a koma a tarar? Daga nan ko kunu sai da faɗa.

"Ni ba ya jin nawa," in ji ta. "Kai ne mai kifi. Ka zo ka gaya masa."

Na bar wa Goggo rumfa, bayan na roƙe ta don Allah ko wa ya tambaye ta wani abu ta girgiza kai kawai. Ta ce in tafi can, ita ta fara ciniki ban san hanyar kasuwa ba. Muka hau keke ni da Hajiya har Damilu.

Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, dogon tsoho ya rame sai idanu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne mai kifin. Wanda aka kawo maka na Binuwai ne, a nan bayan gari aka kama shi. Bai taɓa ganin tafki ba. Rabona da na tafki tun kafin ku zo."

Ya dube ni ya daɗe. "Ka tabbata, ɗana?"

"Wallahi, Baba. Sana'ata ce."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi har sau uku. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen lafayarta. Tsohon ya juya wajenta ya ce in akwai sauran miyar nan a ɗumamo masa, kifin baƙi ne amma ba laifi.